Taƙaita littafi a jerin hotuna

Taƙaita littafi a jerin hotuna, wanda masu harkar ke kira karosel, hanya ce ta gabatar da abin da mutum ya karanta a cikin wasu 'yan shafuka da ake ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya a waya. Ɗaya daga cikin nau'o'insa shi ne mai ɗauke da darussa uku, kuma sharaɗinsa shi ne mai taƙaitawa ya faɗi darussan da bakinsa, kada ya kwashe jimlolin marubucin littafin. Ɗalibai a Katsina, irin na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Al-Qalam, da masu ƙananan sana'o'i, suna iya haɗa shi da wayar hannu kaɗai.

Siffarsa

Instagram ya ba kowa damar haɗa hotuna har 10 a wallafa ɗaya a shekarar 2017, ya kuma ƙara adadin zuwa 20 a 2024. A LinkedIn kuwa fayil ɗin PDF ake ɗorawa, kowane shafinsa ya zama hoto guda. Girman da aka saba amfani da shi 1080 × 1350 ne, domin ya fi cika fuskar waya. Shafi 5 zuwa 8 ya wadatar: na farko ya ɗauki sunan littafi da na marubuci, kowane darasi ya sami shafi ɗaya ko biyu, na ƙarshe ya faɗi wanda littafin zai fi amfana. Abin da ya wuce kalma 40 a shafi yakan tilasta a ƙanƙanta rubutu har ido ya gaji.

Dalilin tsayawa a kan uku bai wuce na ƙwaƙwalwa da fili ba. Mai karatu zai iya riƙe abu uku ya maimaita wa abokinsa a majalisa, kuma uku na barin wurin kawo misali. Mai jera darasi goma yakan ƙare da kwafe kanun babi-babi ne kawai.

Yadda ake fitar da darasi

Aikin na farawa ne da takarda da biro, kafin a buɗe manhajar tsara hotuna ta Canva ko makamancinta. Yayin karatu, mutum ya riƙa rubuta lambar shafi da kalma biyu ko uku na tunatarwa, kada ya kwafi jimla. Idan ya gama, sai ya rufe littafin ya ajiye shi nesa, ya bari ya kwana, sannan ya faɗi kowane darasi da murya kamar yana yi wa ƙaninsa bayani, ya rubuta abin da ya fito daga bakinsa. Daga nan ne zai sake buɗe littafin don ya gwada abu biyu: ko ya kama ma'anar, da ko ya ɗauko lafazin.

A ɗauka wata ɗaliba ce a Ƙofar Ƙaura ta karanta littafi kan tattalin kuɗi a ƙaramar sana'a, kuma a ce marubucin ya rubuta: "Ka biya kanka albashi, domin aljihun kasuwanci ba aljihunka ba ne." A zubinta na farko, littafin na buɗe a gabanta, ta rubuta: "Ka yanka wa kanka albashi, saboda lalitar sana'a ba taka ba ce." Wannan kwafi ne da aka sauya wa riga. An musanya kalmomi, amma ginin jimlar na marubuci ne, umarni a gaba dalili a baya, kuma kwatancen aljihu ma nasa ne. Nan ne akasarin masu taƙaitawa ke zamewa, da yawansu da zuciya ɗaya, suna ganin sun yi ƙoƙari.

Washegari, littafin na rufe, ta tuna da maƙwabciyarsu mai dama fura, sai ta rubuta: "Mai fura ta yi cinikin naira 12,000 a yini. Gero da nono da sukari da ƙanƙara sun ci 9,000, ribarta 3,000 ke nan. Idan ta zari 4,000 ta yi cefane, ta gutsuri 1,000 daga uwar kuɗi ba ta sani ba. Ta fara ware kuɗin kayan gobe, abin da ya saura shi ne nata." Darasin na marubuci ne, an kuma ambace shi a shafin farko, amma misalin da lissafin da tsarin maganar nata ne. Haka ta bi da sauran biyun, wato rubuta bashi a littafi ranar da aka bayar, da sanya ladan wahalar mutum a cikin farashi.

Akwai alamomin da ke tona kwafi. Idan aka jera zubin da shafin littafi aka ga kalma biyar ko shida sun biyo juna iri ɗaya, a sake. Idan a zubin akwai kalmar da mai shi ba ya amfani da ita a hirarsa, galibi aro ce. Gwaji mafi tsauri shi ne a tambaye shi wani misalin daban nan take. Wanda ya fahimta zai kawo na tela ko na mai shayi, wanda ya haddace zai koma neman littafi.

Fassara da doka

Da yawa suna ɗauka cewa juya sakin layi daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa ya mayar da shi nasu. Ba haka ba ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta sanya fassara cikin haƙƙoƙin da marubuci ya keɓanta da su, kuma kariyar aikin adabi na ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarsa. Abin da dokar ke karewa shi ne yadda aka faɗi magana, ba ra'ayin da ke cikinta ba, shi ya sa bayanin mai fura ya tsira. Ta kuma yi rangwame ga ɗan tsakure don sharhi ko nazari. Saboda haka idan wata jimla ta yi daɗin da ba a son taɓa ta, a kawo ta gajeriya cikin alamar zance da sunan mai ita. Ɗaukar hoton shafukan littafi a jera su a matsayin taƙaitawa ya fita daga wannan rangwamen.

Inda ake kuskure

Faɗa da bakinka na da nasa haɗarin, wato ɗora wa marubuci abin da bai ce ba. Idan ya ce a rage ba da bashi ga wanda bai biya na baya ba, mai taƙaitawa ya rubuta "kada ka ba kowa bashi", ya yar da sharaɗin, kuma wannan ya fi kwafi muni, tunda dubban mutane za su tafi da shi a matsayin maganar mai littafi. Maganinsa shi ne a duba kalmomi irin su "idan" da "sai dai" da "wani lokaci" a asalin shafin, a tabbatar ba su faɗi a hanya ba. Ra'ayin mai taƙaitawa kuma a ware shi a fili da "a ganina".

Matsala ta ƙarshe ta haruffa ce. Wasu nau'o'in rubutun ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati ko da harafi mai wata kama daban. Kafin a zaɓi nau'in rubutu, a buga "ƙaiƙayi, ɗanɗano, ɓarawo" a gani, domin idan lanƙwasa ta ɓace, "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" kuma ta koma "bata".