Fayif inci nawa ya dace daga tanki zuwa gida?

Tankina yana nesa da gida kamar mita 40, a kan ƙarfe mai tsawon mita 6. Mai aikin famfo ya ce fayif uku bisa huɗu ya isa. Gaskiya ne?

Ni dai ba zan sa uku bisa huɗu ba, inci ɗaya zan sa.

Fara da ruwan da gidan zai sha a lokaci guda, ba yawan kawunan famfo ba, tunda ba a buɗe su duka tare. Ka duba safiya: wani yana wanka da shawa, kamar lita 12 a minti, uwargida tana wanke-wanke a kicin, lita 10, tankin ban-ɗaki yana cika, lita 6. Ka ga an doshi lita 30 a minti, wato rabin lita a daƙiƙa.

Sai ƙarfin da kake da shi. Ruwan tanki tsayi ne kawai ke tura shi. Gindin tankin yana mita 6, kan shawa kuma yana kamar mita 2 daga ƙasa, saura mita 4. Wannan mita 4 ita ce jarinka gaba ɗaya, kuma fayif zai ci wani abu daga ciki saboda gogayyar ruwa da jikinsa. Kowace gwiwa da kowane makulli su ma suna ci, don haka a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan tsawon, mita 40 ta zama 50.

A lita 30 a minti, fayif ɗin roba mai faɗin ciki kamar milimita 21, wato uku bisa huɗu, yana cinye kusan santimita 11 na tsayi a kowace mita. A mita 50 ya kai mita 5 da rabi, alhali 4 kake da ita. Ruwa zai zo, amma ba lita 30 ba, kuma mai wanka ne zai fara ji a jikinsa. Inci ɗaya, mai faɗin ciki kamar milimita 26, santimita 4 yake ci a mita, jimilla mita 2, ya bar wa shawa mita 2. Rabin inci kuwa sama da mita 20 zai nema, ba ma a maganarsa.

Amma gidan maƙwabcina uku bisa huɗu ne, ruwansa kuma lafiya lau.

Duba inda tankinsa yake. In yana jikin bango, tafiyar mita 10 ce, asarar ba ta kai mita ɗaya da rabi ba. Fayif iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, nisa ne ya raba ku.

Na sayi fayif ɗin roba irin PPR da aka ce mini inci ɗaya ne, amma ruwan bai ƙaru ba.

Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi, abin yana damuna ƙwarai. Lambar da ke jikin PPR faɗin waje ce a milimita. Wanda aka rubuta wa 32 ana kiransa inci ɗaya a kasuwa, amma in ajin ƙarfinsa PN20 ne, kaurin jikinsa milimita 5.4 ne, cikinsa ya rage milimita 21 da ɗoriya. Uku bisa huɗu ke nan ka saya da wani suna. Wanda zai yi maka aikin inci ɗaya shi ne mai lamba 40, cikinsa kusan milimita 26 da rabi. In ka je shago, ka ɗaga bakin fayif ɗin ka ɗora tef a ramin da idonka. Ka kuma leƙa makullin da ke gindin tanki, domin sau da yawa za ka tarar an ja inci ɗaya amma an shaƙe shi da makullin rabin inci tun daga mafita.

Ta yaya zan gane fayif ne ya yi kaɗan ba tare da na fasa siminti ba?

Ɗauki bokiti mai lita 10 ka tara a famfon da ya fi nisa, ka duba agogo. Sannan ka buɗe famfo biyu a wani wurin ka sake tarawa. In da farko ya cika a minti ɗaya, a karo na biyu kuma ya kai minti biyu ko fiye, babban layin ne ya matse. In kuwa tun shi kaɗai ruwan tsiyaya yake yi, kuma buɗe sauran bai canza komai ba, nemi matsalar kusa da famfon: rairayi a rariyar bakinsa, gam da ya daskare a mahaɗi, ko iska da ta maƙale a inda fayif ya hau ya sauko.