XIRR da kuɗin da ba sa shigowa a kan kari

IRR da XIRR dabaru ne biyu na lissafi a cikin Excel da ire-irensa, da ake auna ribar jari da su a kashi cikin ɗari. A kwamfutocin ofisoshin Yamai da Tawa, inda Excel ɗin na Faransanci ne, sunayensu TRI da TRI.PAIEMENTS. IRR ba ta san kwanan wata ba. Jerin kuɗi kawai take karantawa, ta ɗauka tazara ɗaya ce tsakanin kowane layi da na bayansa. XIRR kuwa tana ƙirga kwanakin da suka wuce tun ranar farko, ta raba su da 365, don haka amsarta kullum ta shekara ce.

A ɗauki ɗan kasuwar Tawa da ya zuba sefa 1,000,000 a albasar Galmi ranar 1 ga Afrilu 2023, lokacin kaka, ya jibge ta a rudu yana jiran ta yi tsada. Ya karɓi 600,000 ranar 1 ga Satumba, bayan kwana 153, sai wata 600,000 ranar 1 ga Oktoba, bayan kwana 183. Ana rubuta kuɗin da suka fita da alamar ragi a A1, waɗanda suka shigo a A2 da A3, ranakun kuma a B1 zuwa B3.

```
=IRR(A1:A3)
=XIRR(A1:A3,B1:B3)
```

IRR za ta ba da kusan kashi 13.1, adadin da ba na wata ba ne, ba kuma na shekara ba, tun da tazarar farko wata biyar ce, ta biyu wata ɗaya. XIRR ta ba da kusan kashi 48.6 a shekara. Da dillali ya ja masa rai, kuɗin ƙarshe ba su zo ba sai 1 ga Afrilu 2024, IRR tana nan a 13.1, alhali XIRR ta sauko zuwa kusan kashi 30. Ta nan ake gane inda IRR ta gaza: ranar biya ta canza, amsa ba ta motsa ba. Idan biya na zuwa daidai kowane wata ko kowace shekara, IRR ta wadatar.

Sai dai 48.6 ɗin na iya ruɗar mutum. Abin da ya shiga aljihunsa 200,000 ne, wato kashi 20 na jarinsa, kuma albasa mai arha ba ta samuwa a Oktoba balle ya sake juya kuɗin haka.

Idan babu adadi mai alamar ragi ko ɗaya, ko wata rana ta riga ta layin farko, Excel na nuna #NUM! Kuskuren da ya fi wuyar gani shi ne kwamfutar da ke fara rubuta wata kafin rana: sai ta karanta 01/09/2023 a matsayin 9 ga Janairu.