Kalmar buɗe wasa a Wordle

Kalmar buɗe wasa ita ce kalmar farko da mutum yake rubutawa a Wordle, wasan nan na cankar kalmar Turanci mai haruffa biyar da ake sakin sabuwa ɗaya tak kowace rana. Josh Wardle, wani injiniyan manhaja ɗan asalin Wales, shi ya ƙirƙiro wasan ya sake shi ga jama'a a watan Oktoba na 2021, sai jaridar The New York Times ta saye shi a watan Janairu na 2022. Dama shida ake ba mutum. Duk kalmar da ya rubuta, harafin da ya faɗa daidai gurbinsa sai ya zama kore, wanda yake cikin amsar amma ba a wannan gurbin ba ya zama ruwan ɗorawa, wanda babu shi sam ya zama ruwan toka. Kalmar farko ce kaɗai ake jefawa ba tare da an san komai ba, shi ya sa aikinta ba wai ta dace da amsar ba ne, aikinta ta rage yawan kalmomin da za su iya zama amsa, kuma ta rage su sosai ko da wane launi ne ya fito.

Haruffan da suka fi yawa

Abin da ya kamata a fara sani shi ne wasan yana da jeri biyu. A asalin yadda aka gina shi akwai kalmomi 12,972 da zai karɓa idan an rubuta, amma 2,315 ne kawai daga ciki aka ware su zama amsa, waɗanda aka tace aka ga sanannu ne ga yawancin masu jin Turanci. Saboda haka ƙidayar haruffa da za ta yi amfani ita ce ta wannan ƙaramin jerin, ba ta Turanci gaba ɗaya ba. A rubutun Turanci na yau da kullum T ne yake bin bayan E, saboda ƙananan kalmomi irin su THE da TO da suke cika kowane shafi, amma a nan kowace kalma sau ɗaya ake ƙirga ta, sai tsarin ya canza.

A cikin jerin amsoshin na asali E ya fito sau 1,233, A sau 979, R sau 899, O sau 754, T sau 729, daga nan sai L da I da S da N da C suna biye a jere. Can ƙasa kuwa J sau 27 kawai ya fito, Q sau 29, shi da X da Z duk babu wanda ya wuce 40. To ka ga duk wanda ya buɗe da kalma mai J ko Q kusan ya san amsar da zai samu tun kafin ya danna, toka ce, kuma tambayar da ka riga ka san amsarta ai ba ta ƙara maka komai. Haka ma kalma mai maimaita harafi irin su SPEED ko ALLOW, gurbi biyar aka ba ka amma haruffa huɗu ka gwada, ka yi asarar ɗaya a banza.

Hanya mafi sauƙi ta auna kalma ita ce a tara adadin haruffanta. RAISE tana ba da 4,451, SLATE 4,329, CRANE 4,163, ADIEU kuma 3,743. Wannan lissafi ne na sama-sama, bai damu da gurbi ba, amma ko a haka ya nuna wani abu game da ADIEU da za a zo kansa.

Gurbi ma yana da nasa

Sanin cewa harafi yana da yawa rabin magana ne, sauran rabin shi ne a ina yake yawan zama. S ne ya fi kowa buɗe kalma, amsoshi 366 da shi suka fara, sai C da B can baya. A ƙarshen kalma E ne a gaba da 424, sai Y da 364, wanda idan aka duba jimillarsa ba wani babban harafi ba ne amma kusan duk zamansa a ƙarshe yake. A kuma ya fi son gurbi na biyu da na uku.

Wurin da mutane da yawa suke tafka kuskure shi ne S a ƙarshe. Wanda ya san Turanci zai ɗauka ai kalmomi masu ƙarewa da S sun cika ko'ina, kuma gaskiya ne a babban jerin, amma lokacin da aka tace amsoshin an cire jam'i na kawai a ƙara S, irin su CARES ko TALES, shi ya sa amsoshi 36 kacal suke ƙarewa da S, irinsu GLASS da FOCUS. Wasan zai karɓi TALES idan ka rubuta, ba zai ce komai ba, sai dai ka sa S a wurin da da wuya ya zama kore. Ɗauki haruffan nan biyar ka sake jera su, TALES da LEAST da SLATE duk abu ɗaya suke gwadawa, amma SLATE ta sa S a farko, A a tsakiya, E a ƙarshe, kowanne a inda ya fi zama, kuma kore ya fi ruwan ɗorawa daraja domin shi ya rufe gurbin gaba ɗaya, ruwan ɗorawa kuwa ya bar ka da wurare huɗu kana lalube.

Batun ADIEU da cika wasula

ADIEU da AUDIO suna cikin kalmomin da 'yan wasa suka fi so, dalilinsu kuwa wasula huɗu a bugu ɗaya, kuma kusan kullum sai wani abu ya yi launi, mutum ya ji daɗi ya ga kamar ya ci gaba. Matsalar ita ce wasula ba sa bambance kalmomi kamar baƙaƙe. Idan an ce maka amsar tana da A da E, ɗaruruwan kalmomi ne suka rage, amma idan an ce tana da C da R kuma babu N, ka fara hango siffarta. Ga kuma U da D da suka ci gurbi biyu alhali dukkansu ba sa cikin goman farko, sannan babu R ko T ko L ko S ko ɗaya. Abin da ya fi aiki shi ne wasula biyu, ko uku idan an matsa, sauran a cike da baƙaƙe masu yawa. Wasalin da ya rage yawanci da kansa yake bayyana, idan A da E suka yi toka to sai a karkata ga O ko I ko U.

Misali guda daga farko

A ce amsar ranar STORM ce. Wanda ya buɗe da ADIEU zai ga toka biyar a jere. Ba wai bai samu komai ba, ya san wasalin O ne ko kuma Y, amma bai san baƙi ko ɗaya ba. Wanda ya buɗe da SLATE kuwa zai ga S kore, T ruwan ɗorawa, L da A da E toka. Yanzu ya san kalmar da S ta fara, tana da T a gurbi na biyu ko na uku ko na biyar, abin da ya rage irinsu STICK da STUMP da SHOUT da SHIRT da STORY ne. Sai ya bi da SHORT, wadda ta kawo sabbin haruffa uku ta kuma gwada T a ƙarshe. S da O da R duk kore, H toka, T har yanzu ruwan ɗorawa, kuma tunda gurbi na biyu ne kaɗai ya rage masa, an samu STOR da harafi ɗaya da ba a sani ba. STORE ta fita tun a bugun farko saboda E ya yi toka, nan ne ake ganin amfanin tokar da mutane suke rainawa, saura STORM da STORY da STORK. Idan ya yi caca zai iya ci a na uku ko na huɗu ko na biyar. Idan kuma ya rubuta MURKY, wadda ta haɗa M da K da Y, launin da ya fito zai nuna masa amsar, ya ci a na huɗu babu shakka.

Inda ƙidayar haruffa take tsayawa

Gurbi biyar, kowanne launi uku, jimilla siffofi 243 ne za su iya fitowa bayan kowace kalma. Masu lissafi da kwamfuta ba tara haruffa suke yi ba, suna ɗaukar kalma su gwada ta da duk amsoshin su ga yadda ta rarraba su cikin waɗannan siffofi, wadda ta watsa su ƙanana-ƙanana ita ce mai kyau, wadda ta tara su jibgi guda ita ce mai rauni. A wannan ma'aunin RAISE tana cikin na gaba-gaba, ko da duk haruffanta sun yi toka kalmomi 168 ne suke rage daga 2,315, kuma wannan shi ne mafi munin abin da zai iya faruwa da ita. Da aka bi wasan har ƙarshe da cikakken lissafi kuwa, SALET ce ta fito a gaba, da matsakaicin bugu kamar 3.42, duk da cewa ita kanta ba ta cikin jerin amsoshin na asali, wato mai buɗewa da ita ya haƙura da ci a bugu ɗaya.

Sai dai tazarar da ke tsakanin SALET da SLATE da CRANE da TRACE ƙarama ce ƙwarai, kuma wancan 3.42 na kwamfuta ne da ta haddace jerin duka ba ta mantuwa. Ga ɗan'adam gara ya riƙe ɗaya daga cikinsu ya saba da ita, har ya san me zai bi da shi idan ta yi toka, misali bayan SLATE a kawo kalma mai haruffa daga cikin R da O da I da N da C irin su IRONY ko CORNY. A yanayin da ake kira Hard Mode wannan 'yancin yana raguwa, domin dole a ci gaba da amfani da duk harafin da ya yi launi, dabara irin ta MURKY ba ta yiwuwa, sai mutum ya maƙale a dangin kalmomi irin su LIGHT da MIGHT da NIGHT da FIGHT da SIGHT da RIGHT yana canza harafin farko har damarsa ta ƙare. A nan kalmar buɗewa mai baƙaƙe irin su S da L da R da N tana ƙara daraja, tunda tana kashe wasu daga cikin dangin tun kafin a faɗa tarkon.

Alƙaluman da ke sama duk na jerin asali ne. Bayan sayen wasan jaridar ta cire wasu kalmomi kaɗan, sannan daga watan Nuwamba na 2022 ta naɗa edita mai zaɓar amsar kowace rana, har wasu kalmomin da ba sa cikin tsohon jerin suka fara fitowa. Wannan ya ɗan taɓa lambobin, amma bai sauke E da A da R daga sama ba, kuma jam'i mai S a ƙarshe har yanzu ba shi ake sawa amsa ba.