Ciwon Peyronie: Lanƙwasar Azzakari Saboda Tabo

Ciwon Peyronie lalura ce da ke samun maza, inda wani tabo mai tauri yake fitowa a cikin azzakari, a ƙarƙashin fata, ya sa gaban ya karkata ko ya lanƙwashe idan ya miƙe, sau da yawa tare da zafi. An sa wa ciwon sunan François Gigot de la Peyronie, likitan tiyata ɗan ƙasar Faransa wanda ya yi wa Sarki Louis na 15 aiki, wanda kuma ya rubuta bayaninsa a shekarar 1743. An fi ganin ciwon a tsakanin maza masu shekara 40 zuwa 70, ko da yake yana iya samun matasa. Ba ciwon daji ba ne, ba kuma ciwon sanyi ba ne, saboda haka ba a ɗaukarsa daga mace, ba a kuma shafa mata shi.

Yadda tabon yake samuwa

A cikin azzakari akwai wasu tsokoki guda biyu dogaye masu ƙananan ramuka, waɗanda suke cika da jini lokacin sha'awa, kuma cikarsu ce ke sa gaba ya miƙe. Wani tantani mai ƙarfi, wanda likitoci ke kira tunika albujiniya, shi ne ya lulluɓe su. Aikinsa shi ne ya buɗe tare da su idan jini ya shigo, sannan ya riƙe jinin har a gama. Idan wani ɓangare na wannan tantani ya yi rauni, ya kuma warke da tabo, to wurin ba zai ƙara buɗewa kamar da ba. Abin kamar a manna salatif ne a gefe ɗaya na dogon balan-balan sannan a hura shi: gefen da ba a manna wa komai ba zai tafi, ɗaya gefen kuwa zai tsaya, sai balan-balan ɗin ya lanƙwashe zuwa wajen salatif. Shi ya sa azzakari yake karkata zuwa ɓangaren da tabon yake. Da yake tabon ya fi fitowa a saman azzakari, karkatar da aka fi gani ita ce ta zuwa sama, wajen ciki, amma yana iya karkata ƙasa ko gefe. Idan tabon ya kewaye jikin azzakarin, sai a ga tsakiyarsa ta tsuke, idan kuwa ya yi faɗi, tsawon gaban kan ragu.

Abin da masana suka fi karkata a kai shi ne, ciwon yana farawa ne daga ƙananan raunuka da azzakari ke samu yayin saduwa, musamman idan bai miƙe sosai ba ya tanƙware. Galibin masu ciwon ba sa iya tuna ranar da suka ji wani rauni, domin abin a hankali yake taruwa. Ba kowa ne jikinsa ke mayar da irin wannan rauni tabo ba. Akwai waɗanda halittarsu ta fi saurin yin haka, kuma abin yana bin jini a wasu iyalai. An lura ciwon yana yawan zuwa tare da ciwon Dupuytren, wato tabon da ke fitowa a tafin hannu ya janyo ƙaramin yatsa da na kusa da shi su naɗe. Haka kuma ya fi yawa ga masu ciwon suga, da masu raunin mazakuta, da waɗanda aka yi wa tiyatar cire furosteti, wato wani ƙullin nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Matakai biyu na ciwon

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta game da wannan lalura shi ne tana da matakai biyu, kuma kusan duk shawarar da likita zai yanke ta dogara ne da matakin da majinyaci yake ciki. Mataki na farko shi ne lokacin da tabon yake kan haɗuwa. A nan ne ake jin zafi idan gaba ya miƙe, wani lokaci ma ko bai miƙe ba, kuma karkatar tana canzawa daga wata zuwa wata. Wannan mataki yakan ɗauki wata 6 zuwa 18. Mataki na biyu shi ne lokacin da tabon ya tsaya: zafi ya lafa, karkatar ta daina ƙaruwa, ƙullin kuma ya yi tauri, har a wasu mutane yakan tara alli ya zama kamar ƙashi.

Zafin yana tafiya da kansa ga mafi yawan mutane, amma lanƙwasar ba haka take ba. A binciken da aka yi kan waɗanda ba su sha magani ba, kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai karkatarsa ta ragu, wajen huɗu cikin goma ta tsaya yadda take, kusan rabi kuwa ta ƙaru. A nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu, domin da zarar zafi ya ɗauke sai su ɗauka warkewa ce ta zo, ko su jingina sauƙin ga wani jiƙo da suka sha, alhali ciwon ne ya shiga matakinsa na biyu.

Abubuwan da ke kama da shi

Ba kowace karkata ce ciwo ba. Maza da yawa gabansu yana ɗan karkata tun asali, kuma idan mutum ya san haka yake tun balagarsa, babu ƙulli, babu zafi, karkatar kuma ba ta ƙaruwa, to wannan halitta ce, ba ta bukatar magani sai in tana hana saduwa. Alamar ciwon Peyronie ita ce sabon canji a jikin da a da yake miƙe. Ƙullinsa kuma a ciki yake, fata tana zamewa a kansa lafiya lau. Idan ƙullin a kan fata yake ko a kan kaciya, yana da gyambo, yana zubar da jini ko ruwa mai wari, to wannan wani abu ne daban, yana iya zama ciwon sanyi ko ciwon daji, kuma ba a jinkirta nuna shi ga likita.

Lokacin zuwa asibiti

Akwai hali biyu da ake tafiya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Na farko shi ne idan ana cikin saduwa aka ji ƙara kamar wani abu ya ɓalle, gaba ya kwanta nan da nan, ya kumbura ya yi baƙi saboda taruwar jini. Wannan tsagewar tantanin ce, abin da ake kira karayar azzakari, kuma ɗinke shi da wuri ne ke rage haɗarin ya warke da tabo da karkata. Na biyu shi ne miƙewa mai zafi da ta wuce awa 4 ba ta kwanta ba, abin da ya fi samun masu sikila da masu shan maganin ƙarfin maza ba bisa ƙa'ida ba. Jinin da ya tsaya a ciki yana lalata tsokokin, ya bar rauni na dindindin.

In ba waɗannan ba, wanda ya ga sabuwar karkata, ko ya taɓa ƙulli mai tauri, ko yake jin zafi duk lokacin miƙewa, ya kamata ya ga likitan mafitsara cikin 'yan makonni. Kunya ce take sa mutane su kai shekara suna ɓoyewa, wasu kuma su koma ga masu tallar maganin maza. Ƙoƙarin miƙar da gaban da ƙarfin hannu, da murza ƙullin, da tsaga, da shafa magunguna masu zafi, duk sabon rauni suke ƙarawa a kan tsohon.

Yadda ake bincike da magani

A ɗauki misalin magidanci mai shekara 54, mai ciwon suga, wanda wata 4 da suka wuce ya fara jin zafi idan ya miƙe, yanzu kuma ya lura gabansa yana karkata sama. Likita zai tambaye shi yaushe abin ya fara, ko yana ƙaruwa, ko ƙarfin miƙewa ya ragu, ko har yanzu yana iya kusantar iyalinsa. Zai laluba jikin azzakarin yana kwance ya ji inda tabon yake da girmansa, ya auna tsawonsa, ya kuma duba tafin hannunsa. Da yake ba a ganin karkata sai gaba ya miƙe, akan nemi majinyaci ya ɗauki hoto a gida daga sama da kuma daga gefe, ko a yi masa allurar da za ta sa ya miƙe a asibiti a auna kusurwar. Hoton sikanin yana nuna ko tabon ya tara alli da kuma yadda jini ke gudana.

A ce an samu karkatar digiri 35. Tun da wannan mutum yana matakin farko, ba za a yi masa tiyata ba, domin tabon bai gama aikinsa ba, kuma abin da aka miƙar yau yana iya sake lanƙwashewa bayan wata shida. Za a ba shi maganin zafi irin su ibufurofen idan ƙodarsa da cikinsa za su ɗauka, a matsa masa ya daidaita sugansa, a kuma ba shi magani irin tadalafil idan miƙewarsa ta yi rauni. Ana iya ba shi na'urar da ke jan azzakari a hankali na wani lokaci kullum, wadda takan ɗan rage karkata ta kuma kare tsawo. Bitamin E, wanda aka daɗe ana bayarwa, bincike bai nuna yana miƙar da komai ba.

Idan tabon ya tsaya, akwai allurar da ake yi a cikinsa kai tsaye. Wadda aka fi sani ita ce kolajines, wani sinadari da ke narkar da zaren tabo, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a shekarar 2013 domin masu karkatar digiri 30 zuwa sama da ake iya jin tabonsu da hannu. A gwajin da aka yi, ya rage karkata da kimanin kashi ɗaya bisa uku, wato ba ya mayar da gaba sambal, ga shi da tsada, kuma ba a samunsa a ƙasashe da yawa. Wasu likitoci suna amfani da berafamil ko intaferon a maimakonsa.

Tiyata ita ce ta fi kowace hanya miƙar da azzakari, amma ana yinta ne bayan ciwon ya kai kimanin shekara guda, karkatar ta tsaya cik na wata 3 zuwa 6, kuma tana hana saduwa. Idan karkatar ba ta kai digiri 60 ba kuma mutum yana miƙewa sosai, akan tsuke ɗaya gefen mai lafiya da ɗinki domin ya yi daidai da gefen tabon; aikin yana da sauƙi, amma yana rage tsawo kaɗan. Idan ta wuce haka, ko tsakiyar ta tsuke, akan tsaga tabon a cike gurbin da wani ƙyallen tantani, hanyar da ta fi kare tsawo amma ta fi haɗarin raunana miƙewa. Wanda kuwa ya haɗa karkata da raunin mazakuta da ƙwayar magani ba ta gyara ba, shi ake dasa wa roba a ciki. Magidancin misalinmu, idan karkatarsa ta tsaya a digiri 35 kuma yana saduwa ba tare da shi ko matarsa sun sha wahala ba, mai yiwuwa ba zai bukaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai ya riƙa komawa ana sake aunawa.