Bidiyon waya ya koɗe a cikin aikin biki, ina gyaran?

Ina haɗa bidiyon kamu, na kyamarata lafiya lau, amma wanda ƙawar amarya ta turo daga iPhone duk ya koɗe, jan leshin amarya kamar an jiƙa shi a bilic. A wayarta kuma ras yake. Lalacewa ya yi?

Ɗan'uwa bai lalace ba, karatun da manhajarka take masa ne ba daidai ba. Tun daga iPhone 12 wayar na ɗauka ne da HDR, tsarin bidiyo mai faɗin haske, in ba a kashe ba, wato nau'insa na HLG da ma'aunin launi na Rec.2020, kai kuma aikinka yana kan Rec.709, ma'aunin bidiyo na yau da kullum. Shi Rec.2020 filin launinsa ya fi faɗi sosai, to lambar da a can take nufin ja mai ƙarfi, in aka karanta ta da ma'aunin Rec.709 sai ta fito ja mai sanyi, shi ya sa leshin ya koɗe fuskoki kuma suka yi toka-toka.

In kana so ka tabbatar, gwada wannan umarnin na ffprobe, manhajar duba bayanan bidiyo, ka sa sunan fayil ɗinka a madadin IMG_0412.MOV:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=color_transfer IMG_0412.MOV
```

In ka ga arib-std-b67 to HLG ne. In smpte2084 ne, PQ kenan, wani nau'in HDR ɗin daban, irin HDR10+ na Samsung.

Ba zan ƙara Saturation kawai in wuce ba?

Don Allah kar ka yi. Na taɓa yi a wani aikin suna, jan ya dawo amma fatar mutane ta koma ruwan lemo, farar shaddar maigidan ma ta ƙone ba ka ganin aikin wuyan ko kaɗan. Juyawa ake yi tukun kafin gyaran launi.

A DaVinci Resolve ka sa Color Space Transform a kan bidiyon wayar kaɗai, ya zama shi ne farkon abin da ka taɓa. Input Color Space ka zaɓi Rec.2020, Input Gamma kuma Rec.2100 HLG, Output Color Space ya zama Rec.709, Output Gamma ya zama Gamma 2.4. Sai Tone Mapping Method ka bar shi a DaVinci, shi ne zai matse hasken fitilun zauren a hankali maimakon ya yanke shi, nan take za ka ga zanen leshin ya dawo. Daga nan sai ka daidaita shi da na kyamararka, fata za ka riƙa kallo ba bango ba.

Na yi, amma yanzu ya yi duhu, launin ya yi kauri.

Yawanci sau biyu aka juya shi. Duba Project Settings, in Color science yana kan DaVinci YRGB Color Managed to manhajar ta riga ta juya da kanta, cire naka. Amma kar ka sa ran ƙyallin da kake gani a wayarta, Rec.709 bai da wurin wannan hasken. Ranar ɗaurin aure kuwa ka roƙe ta tun da wuri ta shiga Settings, Camera, Record Video ta kashe HDR Video.