Waiwaye: Daga ina andis, kilas da eshalon na albashin ma'aikatan Nijar suka samo asali?

A Damagaram, idan ma'aikaci ya ce an ƙara masa girma, sai an sake tambayarsa wane irin girma. Ƙarin iri uku ne a aikin gwamnatin Nijar, kowanne da hanyarsa da kuɗinsa: hawa eshalon, wato ƙaramin mataki a cikin kilas; shiga sabon kilas, wato babban mataki a cikin kategori; da sauya kategori, wato rukunin da mutum ya shiga aiki da shi. Rashin bambance su ne ke sa wani ya yi shekaru yana jiran abin da ba ya zuwa sai an nema, wani kuma ya yi ta kai-komo a kan abin da lokaci kaɗai ke kawowa.

Tsarin ba a nan aka ƙago shi ba. Lokacin da Zinder ke babban birnin mulkin mallaka, kafin a mai da shi Yamai a 1926, ma'aikata ba a kan ma'auni ɗaya suke ba. Akwai rukunin Turawa da aka aiko daga Faransa, akwai na ƴan Afirka ta Yamma masu ilimin boko, akwai kuma na ƴan ƙasa, wato su tafinta, akawu da masinja. Mutum biyu na iya yin aiki kusan iri ɗaya a buro ɗaya, albashinsu ya yi hannun riga. A 1946 Faransa ta yi wa ma'aikatanta babbar doka guda, a 1948 kuma ta fito da jadawalin da ya ba kowane matsayi lamba, aka raba ma'aikata rukuni huɗu, A, B, C da D, bisa takardar karatun da mutum ya shiga aiki da ita. A 1950 dokar da ke ɗauke da sunan Lamine Gueye, ɗan majalisa daga Sanigal, ta hana a bambanta albashi saboda asali ko launin fata. Wannan ginin ne Nijar ta gada. Ta yi dokarta ta ma'aikata a 1959, ta sabunta ta a 1989, sannan aka yi ta ranar 23 ga Yuli 2007. An sha gyara lambobi, amma ƙashin bayan abin bai sauya ba.

Dabarar da ke cikinsa ita ce ba a rubuta wa ma'aikaci kuɗi kai tsaye, sai dai a ba shi maki. Adadin makin shi ne andis. Gwamnati kuma ta yanke darajar maki ɗaya a shekara, iri ɗaya ga kowa, daga ƙaramin ma'aikaci har babban sakatare. Albashin tushe shi ne andis sau darajar maki, a raba gida 12. Duk wanda ya buɗe takardar albashinsa ta wata zai ga lambar matirkil, wato lambarsa ta ma'aikacin gwamnati, a sama, sai kategori, kilas, eshalon da andis a kusa da ita, a ƙasa kuma alawus-alawus da abin da aka cire na haraji da na fansho. Mutane da yawa layin ƙarshe kawai suke dubawa, su ga abin da ya shiga banki. Ni kuwa a ganina layin andis ya fi cancanta a sa masa ido, domin a nan ake gane ko an ba ka haƙƙinka ko an bar ka a baya.

Kategori ita ce ƙofar shiga, kuma an ƙara rarraba ta ciki: A1, A2, A3, B1, B2, haka har ƙasa. A cikin kowace kategori akwai kilas huɗu. Ana farawa daga kilas na biyu, mai eshalon huɗu, a wuce kilas na ɗaya mai uku, sai babban kilas shi ma mai uku, daga nan sai kilas na musamman, wanda shi ne ƙololuwa. Sabon ɗauka yakan yi shekara guda ta gwaji kafin a tabbatar da shi.

Bari mu bi wata malamar firamare a Mirya, wadda aka tabbatar a matsayin mataimakiyar malami, kategori C1, a watan Janairun 2010. Lambobin da zan yi amfani da su na misali ne don lissafi ya fito sarai, kowa ya sa na takardarsa a gurbinsu. A ce andis ɗinta 200, maki ɗaya kuma sefa 4,200 a shekara. Albashinta na tushe jika 70 ke nan a wata, kafin alawus da cire-cire.

Hawa eshalon bayan shekara biyu-biyu yake zuwa, kuma daɗewa a aiki ce ke kawo shi, ba sai ta yi jarrabawa ko ta roƙi kowa ba. A 2012 tana eshalon na biyu, 2014 na uku, 2016 na huɗu. Idan kowane hawa na ƙara mata maki 15, to sefa 5,250 ne a wata. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma yana taruwa, kuma a kan andis ake lissafin fansho, ba a kan alawus ba. Shi ya sa tsofaffin ƴan sandika suka fi son a taɓa andis ko darajar maki a kan a ba su sabon alawus, wanda ke tsayawa ranar da mutum ya ajiye aiki.

A 2018 ne malamar ke isa wurin da lokaci kaɗai ba ya wadatarwa. Ta cika shekara biyu a eshalon na ƙarshe na kilas na biyu, sai shiga kilas na ɗaya, wannan kuwa zaɓe ne. Dole sunanta ya shiga jadawalin ƙarin girma na shekarar, kwamiti ya zauna ya duba makin da shugabanninta suka ba ta a takardun auna aiki na shekarun baya. Kuma an ƙayyade yawan waɗanda kowane kilas zai ɗauka, gurbin na ƙara matsewa yayin da ake hawa. Nan ne mutane da yawa ke maƙalewa ba tare da sun yi laifin komai ba. Takardar auna aiki ta shekara guda ba a cike ba, ko an cike ta kwanta a durowar wani ofis tsakanin ƙauye da Zinder, ko ta bar Zinder ba ta isa Yamai a kan lokaci ba, tafiyar da ta kusa kilomita 900. Idan kwamiti ya zauna bai ga cikakken dosiye ba, sai baɗi. Alamar da za ta nuna mata an tsallake ta a fili take: shekara biyu sun wuce, andis bai motsa ba, kuma ba ta da sabuwar takardar arete a hannu, wato takardar hukuma da ke tabbatar da ƙarin. Ko da komai ya tafi daidai ba tuntuɓe ko sau ɗaya, daga eshalon na farko zuwa bakin kilas na musamman shekara 20 ce.

Ko areten ya fito, da sauran rina a kaba. Ma'aikatar kula da ma'aikata ce ke sa hannu a kan ƙarin, ma'aikatar kuɗi ce ke biya. Takardar tana ɗauke da ranar da ƙarin ya fara aiki, amma kuɗin na iya daɗewa bai bayyana ba. Idan malamar nan ta yi wata 18 ana biyanta a tsohon andis alhali ta cancanci ƙarin maki 15, to tana bin gwamnati sefa 94,500 kafin cire-cire. Wannan shi ne rapel. Duk wanda ya saba jin sanarwar ƙungiyoyin ƙwadago a rediyo ya san cewa biyan bashin ƙarin girma kusan ba ya fita daga jerin buƙatunsu.

Tushen wannan jinkirin yana cikin shekarun 1980 da 1990. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu da masu ba da lamuni na duniya, aka rage ɗaukar ma'aikata. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan kasuwa suka tashi, ma'aikata kuma suka riƙa yin watanni ba albashi. A irin wannan hali gwamnati ta saba da fitar da takardar ƙarin girma ta jinkirta kuɗinsa. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma aka fara cika ajujuwa da malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantiragi, waɗanda ake ba su kuɗi tsayayye, ba andis ba eshalon. Abin yana ci mini rai, domin malami na iya shafe shekaru a ajin zana a Tanut ko Gure, agogon hawansa bai ma fara bugawa ba, sai ranar da ya samu matirkil. Sai kuma wani takunkumin da aka daɗe da shi kafin a dakatar da shi a 2020: ƙa'idar ƙasashe masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma ta ce kada albashi ya wuce kashi 35 cikin 100 na kuɗin haraji. Ƙarin sefa 300 kawai a darajar maki zai ba mai andis 200 jika biyar a wata, mai andis 800 kuma jika 20, kuma zai shafi kowa a rana ɗaya. Wannan ne dalilin da gwamnatoci ke ɗari-ɗari da taɓa ta.

Masu ƴan uwa a Daura da Kano kan ji ana maganar lebul da sitef, su ɗauka abu ɗaya ne da namu. Akwai kama, amma asali daban. Na Najeriya ya fito ne daga hukumar Jerome Udoji, wadda aka kafa a 1972 ta miƙa rahoto a 1974, ta haɗa ma'aikata a tsani ɗaya daga lebul na 1 zuwa na 17. Can sitef duk shekara ake hawa, jadawalin kuma naira yake nunawa kai tsaye ba maki ba. Mai digiri kan fara daga lebul na 8, a tsakiyar tsanin yakan yi aƙalla shekara uku kafin ya nemi lebul na gaba, sau da yawa da jarrabawa.

A Nijar, abin da ya fi sauya rayuwar ma'aikaci shi ne ƙari na uku, sauya kategori, kuma shi ne wanda ba ya zuwa da kansa ko an shekara 30. Malamar Mirya ba za ta tashi daga C1 zuwa B1 ba sai ta ci jarrabawar aiki, ko ta tafi ƙarin karatu da izinin gwamnati a rubuce. Wanda ya je ya yi karatu da kuɗinsa ba tare da wannan izinin ba yakan dawo da takardar shaida ya tarar ba a lissafa ta. Idan malamar ta samu sauyin, ba a kai ta kilas ɗin da take a da, sai a ajiye ta a andis daidai da nata ko wanda ke sama da shi kaɗan a sabon tsanin. Mai 245 na iya samun kanta a 250, ƙarin sefa 1,750 kacal a watan farko, har ta ga kamar wahalar banza ta sha. Amma a sabon tsanin kowane eshalon ya fi na da nauyi, rufinsa kuma ya fi tsawo. Wadda ta sauya kategori tana da shekara 35 tana da sauran shekaru masu yawa na hawansa, wadda ta bari sai daf da ritaya kuwa eshalon ɗaya ko biyu kawai za ta taka kafin a lissafa mata fansho.