Tsarin Ɗigon Ilektiron na Ayon Mai Atam da Yawa: Cajin Lissafi da Rezonans

Tsarin ɗigon ilektiron, wanda aka fi sani da tsarin Lewis, zane ne da ke nuna yadda ilektiron na ɓawon waje suka rarrabu tsakanin atam-atam na molekul ko ayon. Kowane ɗigo ilektiron ɗaya ne, kowane layi kuwa tagwayen ilektiron ne da atam biyu suke tarayya a kansu, wato ɗauri. Gilbert N. Lewis, masanin kimiyyar sinadarai ɗan Amurka, shi ya fito da hanyar a 1916. Irving Langmuir ya faɗaɗa ta daga 1919, ya kuma yaɗa dokar takwas, wadda ke cewa atam yakan nemi ya ga ilektiron takwas a ɓawonsa na waje. Haidirojin kam biyu sun ishe shi.

Ayon mai atam da yawa, irin su NO₃⁻ da NH₄⁺ da SO₄²⁻, gungun atam ne da ke ɗaure da juna, gungun kuma yana ɗauke da caji. Wannan cajin ne ke sa zanensa ya fi na molekul wahala, domin dole ya shiga ƙidaya tun daga farko, kuma dole ya sake fitowa daidai a ƙarshe.

Zana naitiret, NO₃⁻

Da ƙidaya ake farawa. Naitirojin yana da ilektiron 5 a ɓawon waje, kowane oksijin yana da 6, uku sun ba da 18. Cajin −1 na nufin an ƙara ilektiron ɗaya. Jimilla 5 + 18 + 1 = 24. Da a ce cajin mai alamar tarawa ne, ragewa za a yi: a NH₄⁺ lissafin shi ne 5 + 4 − 1 = 8. Wanda ya manta da cajin naitiret zai sami 23, kuma wannan lamba ita kanta gargaɗi ce. Kusan duk ayon da ake cin karo da su a kullum ilektiron ɗinsu bibbiyu suke, saboda haka idan jimilla ta ƙi rabuwa biyu, a koma a duba caji kafin a zana komai.

Sai a zaɓi atam na tsakiya. Yawanci wanda ya fi ƙarancin ƙarfin jan ilektiron ne, ban da haidirojin, wanda ba ya zama a tsakiya tun da ɗauri ɗaya kawai yake iyawa. A ma'aunin Pauling, wanda ke auna wannan ƙarfin jan, naitirojin yana da 3.04, oksijin 3.44, don haka naitirojin ne a tsakiya. A ja layi ɗaya daga shi zuwa kowane oksijin. Layi uku sun ci ilektiron 6, saura 18. Waɗannan ana fara raba su ne ga atam na gefe: kowane oksijin ya karɓi ɗigo shida, wato tagwaye uku marasa ɗauri. Goma sha takwas sun ƙare ke nan.

A nan kowane oksijin ya cika takwas, amma naitirojin shida kawai yake gani. Ba a ƙaro ilektiron daga waje don cike giɓin, domin 24 ɗin ba sa ƙaruwa. Abin da ake yi shi ne a ɗauki tagwaye ɗaya daga wani oksijin a mayar da su layi na biyu tsakaninsa da naitirojin. Yanzu akwai ɗauri mai ninki biyu guda ɗaya, da ɗauri tilo guda biyu, kowa kuma ya sami takwas. A ƙarshe a saka zanen cikin baka mai kusurwa, a rubuta cajin a sama ta hannun dama.

Cajin lissafi

Cajin lissafi shi ne cajin da atam zai ɗauka in aka ɗauka cewa ilektiron na kowane ɗauri an raba su daidai tsakanin atam biyun. Ƙa'idar ita ce:

```
FC = V − N − B/2
```

FC shi ne cajin lissafi, V yawan ilektiron na ɓawon waje ne lokacin da atam yake shi kaɗai, N yawan ɗigon da ba sa cikin ɗauri, B kuwa yawan ilektiron da ke cikin ɗauri. A aikace ya fi sauƙi a ƙirga layuka, tun da rabin B daidai yake da yawan layukan da suka taɓa atam ɗin: V, a cire ɗigo, a cire layi.

A naitiret, naitirojin ba shi da ɗigo, yana da layi huɗu: 5 − 0 − 4 = +1. Oksijin mai ninki biyu yana da ɗigo huɗu da layi biyu: 6 − 4 − 2 = 0. Sauran biyun kowanne yana da ɗigo shida da layi ɗaya: 6 − 6 − 1 = −1. In aka tara, +1 da 0 da −1 da −1 sun ba da −1, wato cajin ayon ɗin. Wannan tarawar ita ce gwajin da ba a tsallakewa. Idan ba ta zo daidai ba, to an ɓatar da ɗigo ko an ƙara wani.

Kuskuren da ya fi yawa a nan yana zuwa ne daga son ganin sifili. Ɗalibi ya ga +1 a kan naitirojin, sai ya ƙara masa ɗauri mai ninki biyu na biyu don ya share shi. Cajin ya sharu, amma naitirojin ya koma da layi biyar, ilektiron goma. Atam na layi na biyu a jadawalin sinadarai, kamar kabon da naitirojin da oksijin, obital huɗu kawai suke da shi a ɓawon waje, wato mazaunin ilektiron da kowanne biyu yake ɗauka, ba su da wurin da za su sa fiye da takwas. A kansu dokar takwas tana gaba da rage caji.

Kuma kada sunan ya ruɗi mai karatu: cajin lissafi ba shi ne ainihin cajin da ke kan atam ba. A NH₄⁺ lissafi yana ɗora +1 a kan naitirojin, alhali naitirojin ya fi haidirojin jan ilektiron, kuma a zahiri ƙarancin ilektiron yana kan haidirojin huɗun ne. Haka kuma ya bambanta da lambar oksideshon, wadda ke miƙa duk ilektiron na ɗauri ga wanda ya fi ja. Naitirojin na naitiret cajin lissafinsa +1 ne, lambar oksideshon ɗinsa +5.

Rezonans

Lokacin da aka zaɓi oksijin da za a ba ninki biyu, babu dalilin fifita ɗaya a kan sauran. Zane uku ne ke yiwuwa, dukkansu daidai. Su ake kira siffofin rezonans, ana jera su da kibiya mai kai biyu, ↔, a tsakaninsu. Linus Pauling ne ya fi kowa bunƙasa wannan fahimta a farkon shekarun 1930.

Da ɗaya daga cikin zanen uku ne gaskiya, da ɗauri ɗaya ya fi sauran gajarta, domin N=O yakan kai kimanin pikomita 120, N–O tilo kuwa kimanin 140. Pikomita ma'aunin tsawo ne, kashi ɗaya cikin tiriliyan na mita. Awo ya nuna duka ukun tsawonsu ɗaya, wajen pikomita 125, ayon ɗin a shimfiɗe yake, kusurwa digiri 120 tsakanin kowane ɗauri biyu. Ayon ɗin ba ya tsalle daga wannan siffa zuwa waccan. Siffa ɗaya gare shi a kowane lokaci, zanen ɗigo ne ya gaza nuna ta da hoto guda. Layi huɗu a wuri uku sun ba kowane ɗauri darajar 4/3, cajin −2 da ke kan oksijin kuma ya bazu, kowanne ya sami −2/3. Shi ya sa ba a amfani da kibiyar ⇌ a nan, ita ta sauyin da ke kai da komowa ce tsakanin abubuwa mabambanta.

Daga wata siffa zuwa wata, ilektiron kaɗai ke motsi, wato tagwaye marasa ɗauri da layin ninki. Atam ba ya gusawa, jimillar ilektiron da cajin ayon ba sa canzawa.

Idan siffofin ba su yi daidai da juna ba

Sayanet, OCN⁻, yana da ilektiron 6 + 4 + 5 + 1 = 16, kabon a tsakiya. Siffa uku ne ke cika dokar takwas:

```
O–C≡N    O: −1   C: 0   N: 0
O=C=N    O: 0    C: 0   N: −1
O≡C–N    O: +1   C: 0   N: −2
```

Ta ukun ita ce mafi rauni, domin cajinta sun fi girma, ga shi kuma ta ɗora +1 a kan oksijin, atam ɗin da ya fi kowa jan ilektiron a cikin ukun. Biyun farko kowacce caji ɗaya ne da ita, sai a duba inda ya zauna. Bisa ƙa'ida ta farkon ce ke gaba, tun da −1 yana kan oksijin, amma ta biyun ma rabonta ba kaɗan ba ne, kuma hakan ya dace da yadda sayanet ke iya ɗaurewa da wasu atam ta kan naitirojin.

In aka sauya jerin aka sa naitirojin a tsakiya, CNO⁻, ba siffar rezonans aka samu ba, wani ayon ne daban mai suna fulminet. Mafi kyawun zanensa, C≡N–O, yana da −1 a kan kabon, +1 a kan naitirojin, −1 a kan oksijin. Babu yadda za a zana shi caji ya taƙaita a wuri ɗaya ba tare da karya dokar takwas ba. Gishirin fulminet na azurfa da na makuri suna fashewa da ɗan bugu, na sayanet kuwa lafiya lau suke zaune. A shekarun 1820 Justus von Liebig da Friedrich Wöhler suka gano cewa fulminet na azurfa da sayanet na azurfa sinadaransu ɗaya ne, halinsu daban.

Salfet da batun wuce takwas

SO₄²⁻ yana da ilektiron 6 + 24 + 2 = 32. Ɗauri tilo huɗu da ɗigo shida a kan kowane oksijin sun cinye su duka, kowa ya sami takwas, salfa ya ɗauki +2, kowane oksijin −1. Littattafai da yawa sukan ci gaba su mayar da biyu daga cikin ɗaurin su zama masu ninki biyu, salfa ya koma sifili da ilektiron 12 kewaye da shi, a sami siffofin rezonans shida. An yarda da hakan ne saboda salfa yana layi na uku, kuma tsawon S–O a salfet, kimanin pikomita 149, ya fi na ɗauri tilo gajarta.

Tsohon bayanin shi ne wani rukunin obital da ake kira d ne ke karɓar rarar ilektiron. Lissafin kwamfuta na baya-bayan nan ya nuna gudummawarsu kaɗan ce, kuma zanen da ke da +2 a kan salfa ya fi kusa da yadda caji ya rarrabu a zahiri. Gajartar ɗaurin ta fi zuwa ne daga jan da ke tsakanin salfa da oksijin masu caji kishiyoyi. Duka zanen biyu suna ba da siffa ɗaya, oksijin huɗu kewaye da salfa a kusurwar digiri 109.5, ɗauri huɗu masu tsawo ɗaya. Irin wannan zaɓi yana tasowa a PO₄³⁻ da ClO₄⁻, su ma ilektiron 32 gare su, inda zanen dokar takwas ke ba fosfaras +1, ya ba kulorin +3.